Shiga Ba Dacewa Ba Ce: Yadda Za Ka Tabbatar Harsashi Na Bindigarka Ne

Harsashin geji 20 yana faɗawa cikin bindigar geji 12 ba tare da an tura shi ba. Harsashi mai tsawon milimita 76 yana shiga mazaunin da aka yanka don 70, bindiga ta rufe sumul, kunama ta ɗanu. A duka biyun babu abin da zai cije maka a hannu ya ce ka dakata, kuma a duka biyun an riga an shiga haɗari. Yawancin masu riƙe bindiga sun taso da tunanin cewa idan harsashi ba nata ba ne, ba za ta karɓa ba. Haka ne a wasu lokuta, amma haɗin da ke fasa bututu shi ne wanda take karɓa.

Wannan jagora ya fi mayar da hankali ga bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma ta geji 12, mai baki ɗaya, mai baki biyu, da wadda ake zuge mariƙinta gaba da baya, domin ita ce ta fi yawa a hannun maharba masu lasisi a ƙasashenmu. Daga baya za a taɓo masu harba ƙwaya ɗaya, inda ƙa'idar ta fi tsanani.

Abin da ke cikin gindin bututu

Kafin matakai, sai an san siffar wurin da harsashi ke zama, don duk bayanin yana rataye a kansa. Idan ka karya bindigar geji 12 ka leƙa ta gindi, cikin bututun ba faɗi ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Wurare uku ne a jere. Na farko shi ne mazauni, inda harsashi ke kwanciya, faɗinsa ya ɗan haura milimita 20. Na biyu gajeren wuri ne da ke tsukewa a hankali kamar mazurari, mu kira shi maƙogwaro. Na uku shi ne ainihin hanyar bututu, mai faɗin kusan milimita 18.5. A bakin mazaunin kuma an yi wani ɗan zagayayyen gurbi inda leɓen gindin harsashi ke tsayawa. Wannan leɓe shi kaɗai ke hana harsashi zamewa gaba, shi ke riƙe shi daidai inda allura za ta bugi cibiyarsa.

Lambar geji tana tafiya a juye, kuma mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Asalinta lissafi ne na dalma: idan aka raba laba ɗaya ta dalma, wato kusan giram 454, zuwa dunƙule 12 masu girma ɗaya, faɗin dunƙule guda shi ne faɗin bututun geji 12. Idan aka raba ta 20, kowane dunƙule ya fi ƙanƙanta. Saboda haka geji 20 ya fi geji 12 siranta, bututunsa kusan milimita 15.6 ne, geji 16 kuma yana tsakaninsu.

Mataki na farko: karanta bindigar, kada ka tambayi mai sayarwa

Fitar da duk harsashin da ke ciki, bar bindigar a buɗe, ka nemi rubutun da masana'anta ta buga a jikin ƙarfe. Galibi yana gefen bututu kusa da gindi. A masu karyewa, sau da yawa sai ka cire mariƙin gaba ka raba bututun da jiki, sannan ka ga tambarin a ƙarƙashi. Lambobi biyu kake nema: geji, da tsawon mazauni.

Bindigogin Turai, Turkiyya da Rasha sukan rubuta su haɗe, kamar `12/70` ko `12/76`. Na Amurka sukan rubuta da inci, kamar `12 GA 2¾"` ko `12 GA 3"`. Ma'anarsu ɗaya ce: inci 2¾ shi ne milimita 70, inci 3 shi ne 76, inci 3½ shi ne 89. Tsofaffin bindigogin Ingila da Beljiyam da aka gada daga kakanni da yawa 65 ne, wato inci 2½, kuma su ne aka fi cuta, domin harsashin da ya cika kasuwa yau 70 ne. Idan ka ga wata lamba kamar 18.4 ko 18.5 a wurin, faɗin hanyar bututu ce, ba tsawon mazauni ba.

Idan rubutun ya goge, ko tsatsa ta ci shi, kada ka gwada da harsashi don ka ga ko zai shiga. Za a ga dalili nan gaba kaɗan. Mai gyaran bindiga mai lasisi yana da ma'aunin ƙarfe da ake zurawa a mazauni ya nuna tsawonsa. Wanda ba shi da wannan yana iya samun kimantawa da siririyar rular ƙarfe: a zura ta a hankali tana bin bangon mazauni har a ji ta fara hawa gangaren maƙogwaro, a karanta a bakin bututu. Wannan awo ba ya da tabbas sosai, don haka idan ya faɗa tsakanin 65 da 70, a ɗauke shi 65.

Bindiga ƙirar gida kuwa matsalarta daban ce. Ba ta da tambari, kuma ko da maƙeri ya buga mata 12 a jiki, ba wanda ya gwada ƙarfenta da matsin da ya wuce na harsashi kamar yadda ake yi wa na masana'anta. An yanka mazauninta ne har harsashi ya shiga, ba bisa wani ma'auni ba. Duk lissafin da ke tafe a ƙasa na bindigar da aka ƙera bisa ma'auni ne. Ita wannan babu harsashin da za a iya cewa nata ne.

Mataki na biyu: karanta kwali, sannan karanta harsashin kansa

A kwali za ka ga geji da tsawo, misali `12/70` ko `Cal. 12 70 mm` a kayan da suka biyo ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Amma kwali yana iya yin ƙarya ba da niyya ba, domin mutane suna mayar da ragowar harsasai cikin kowane kwali da ya zo hannu. Dole a duba kowane harsashi.

Rubutun da ke gindin ƙarfen harsashi geji kawai yake faɗa, 12 ko 16 ko 20, tare da sunan masana'anta. Tsawo yana jikin robar, kuma shi ne rubutun da gumi da gogayya a aljihu ke fara sharewa. A jikin robar akwai wasu lambobi da ke ruɗa mutane. Idan ka ga 28, 32 ko 36, nauyin dalmar ne a giram. Idan ka ga 4, 6 ko `BB`, girman ƙwayoyin ne. Babu ɗayansu da ke gaya maka ko harsashin ya dace da mazauninka. Haka nan tsayin ƙarfen gindi: wasu suna cewa mai dogon gindi shi ne 76, mai gajere 70. Ba haka ba ne, akwai 70 mai dogon gindi da yawa.

Launi ma abin taimako ne kawai. Masana'antun Amurka sun daɗe suna yin geji 20 da ruwan ɗorawa don a bambanta shi, wasu ƙasashe suka bi su. Amma tsofaffin harsasai da na wasu masana'antu suna zuwa da wasu launuka, kuma da asuba ko da almuru, ko bayan ƙurar hunturu ta rufe komai, ido ba abin dogaro ba ne. Harsashin da ba ka iya karanta gejinsa da tsawonsa ba, ajiye shi gefe.

Mataki na uku: haɗa lambobin biyu, ka fahimci inda dogo ke ɓuya

Ƙa'idar ga wannan nau'in bindiga ita ce geji ya zama ɗaya daidai, tsawon harsashi kuma ya zama daidai da na mazauni ko ƙasa da shi. Bindigar `12/76` tana harba 76, 70 da 65 lafiya. Bindigar `12/70` tana harba 70 da 65, ba ta harba 76. Bindigar 65 ba ta harba ko 70.

Abin da ya sa dogon ke shiga gajeren mazauni shi ne, tsawon da aka rubuta tsawon kwanso ne bayan an harba, lokacin da bakinsa ya buɗe ya miƙe. Kafin harbi bakin a naɗe yake ciki, kamar bakin buhu da aka ƙulle, don haka harsashin ya gaza abin da aka rubuta da kimanin milimita 10. Harsashin 76 da ba a harba ba bai kai 70 ba. Zai kwanta a mazaunin 70 da sauran wuri a gabansa.

A ɗauki bindiga mai baki ɗaya mai tambarin `12/70`, aka sa mata harsashin `12/76`. Allura ta bugi cibiya, albarushi ya kama, iskar wuta ta tura toshin roba da dalma gaba. Bakin kwanson yana buƙatar milimita 76 ya miƙe, amma mazaunin ya ƙare a 70. Milimita 6 na ƙarshe sai su kwanta a cikin maƙogwaro, inda hanya ta riga ta fara tsukewa. Kaurin robar ya ƙara rage hanyar, dalma da toshi su matsu su wuce ta ƙofar da ta fi wadda aka tsara musu ƙunci, daidai lokacin da matsi ke kan ganiyarsa.

Wannan rabin matsalar ne kawai, kuma a ganina ba shi ne rabi mafi muni ba. Harsashin 76 an cika shi ne don bindiga mai ƙarfi. Hukumar CIP, wadda ke tsara ma'aunin bindigogi da harsasai ga ƙasashen Turai da dama tun 1914, ta sa iyakar matsin harsashin `12/70` na yau da kullum a 740 bisa ma'aunin matsi da ake kira ba, na `12/76` kuma ba 1050. Don a gane girman abin, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar ba 2 da ɗoriya ne. Gwajin da ake yi wa bindigar 70 ta yau da kullum kafin a buga mata tambari yana wajen ba 930. Ke nan harsashin 76 yana da izinin kai matsin da ya wuce wanda aka gwada bindigar da shi tana sabuwa, tun ba a ƙara tsukewar maƙogwaro a kai ba, tun ba a yi maganar shekaru talatin na tsatsa da ramuka a cikin bututu ba.

Gaskiya ne cewa sau da yawa bindigar ba ta fashewa a harbin farko. Wannan shi ke yaudarar mutane, har ka ji ana cewa ai wane ya shekara yana sa dogo a tasa. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne makullin bindigar yana sakwarkwacewa, bututu da jiki su fara ba da rata idan an rufe, ƙota ta tsage a wuya, wani lokaci ƙarfe ya kumbura kaɗan gaban mazauni. Ranar da za ta ba da kai ba ta sanarwa.

Mataki na huɗu: raba geji 20 da geji 12 tun daga gida

Wannan shi ne haɗarin da ya fi kowanne suna a wannan fanni, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Leɓen gindin harsashin geji 12 ya kai kusan milimita 22.4, ya fi mazauni faɗi, don haka yana tsayawa a bakin. Leɓen geji 20 kuwa kusan milimita 19.4 ne. Ya gaza faɗin mazaunin geji 12, wanda ya haura 20, amma ya fi hanyar bututu, wadda take 18.5. Sakamakon haka harsashin zai zame ya wuce mazaunin gaba ɗaya, jikinsa ya shige hanyar bututu, leɓensa ya cije a maƙogwaro. Ba zai faɗo ta baki ba. Ya kuma yi zurfin da ya bar wa cikakken harsashin geji 12 wurin kwanciya a bayansa.

Ga yadda abin yake faruwa a daji. Maharbi ya sa hannu a jaka idonsa na kan zabi ko kurciya, ya ɗauko harsashi ya jefa, ya rufe. Ya ja kunama, ya ji ƙas, babu harbi, domin allura ba ta tarar da komai ba. Ya karya bindiga, ya ga mazauni wayam. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya manta bai sa ba. Sai ya ɗauko wani, wannan karon geji 12 na gaske, ya sa, ya harba. Dalma da toshi su yi karo da cikakken harsashi da ya toshe hanya 'yan santimita kaɗan a gabansu, sau da yawa shi ma na gaban ya kama wuta. Matsin ba shi da mafita sai ta bango. Bututun yana tsagewa gaban mazauni, kusa da inda hannun gaba ke riƙe da mariƙi, ɓaraguzan ƙarfe su tashi gefe da sama. Yatsu, tafin hannu, ido, da mutumin da ke tsaye a gefe, su ne ke ɗaukar abin.

Irin wannan yana faruwa da geji 28 a cikin geji 20, saboda dalili guda.

Maganinsa yana farawa tun kafin a fita. Idan gida ɗaya ko ƙungiyar farauta ɗaya tana da geji biyu, kowanne da akwatinsa, da jakarsa, da ɗamararsa. Kada mutum ɗaya ya ɗauki geji biyu a jikinsa a rana ɗaya, ko da a aljihu daban-daban ne, ko da na abokinsa ne ya riƙe masa. Kafin kowace fita a zazzage jaka da aljihun rigar farauta ƙasa, a duba gindin kowane harsashi ɗaya bayan ɗaya. Ragowar da ta kwana a kusurwar jaka tun bara ita ce ke yin ɓarna. Harsashin da aka tsinta a ƙasa, ko wani ya miƙo a tsakiyar farauta, sai an karanta shi kafin ya shiga jaka.

Mataki na biyar: abin da za ka yi idan ka ji ƙas

Bar bakin bindiga yana kallon inda babu kowa, ka ƙirga daƙiƙa 30 ba ka buɗe ba, domin harsashin da ya sha danshi yana iya jinkirin kamawa. Sannan ka buɗe, fuskarka ba a kan gindin bututu ba.

Idan harsashi ya fito da alamar allura a cibiyarsa, harsashin ne ya mutu. Idan kuwa ka tarar da mazauni babu komai, kada ka yarda da tunanin cewa ka manta. Ɗauka cewa wani abu ya zame ciki har sai idonka ya ƙaryata. A mai karyewa abin da sauƙi: ɗaga ta ka leƙa ta gindi zuwa haske, dole ka ga zagayayyen haske cikakke a kowane bututu. A wadda ake zugewa ba ka iya leƙawa kai tsaye, don haka fitar da duk harsasan da ke cikin ma'ajiyarta, kwance murfin da ke riƙe bututu, cire bututun, sannan ka leƙa ta gindi. Minti biyu ne. Kada ka taɓa leƙawa ta baki bututu na haɗe da jikin bindiga.

Idan ka ga gindin harsashi can ciki, ka tuna mai rai ne. Raba bututun da jiki, juya gindinsa ƙasa a kan tabarma ko wani abu mai laushi, ka ɗan bubbuga gefensa da tafin hannu. Sau da yawa yana faɗowa. Kada ka zura ƙarfe ta gindi kana tsokana, domin cibiyarsa ce ke fuskantarka. Idan ya ƙi, farautar wannan rana ta ƙare, a kai wa mai gyara.

Haka za ka duba bututu duk lokacin da harbi ya yi ƙara mai rauni ko bugun kafaɗa ya yi sanyi fiye da yadda ka saba, domin toshi yana iya tsayawa a hanya, kuma sakamakonsa ɗaya ne da na geji 20.

Masu harba ƙwaya ɗaya: nan sassaucin gajere ba ya aiki

Wanda ya saba da cewa gajeren harsashi yana tafiya a dogon mazauni yana iya ɗaukar wannan tunani ya kai shi inda zai kashe shi. A bindigar da ke harba ƙwaya ɗaya ta bututu mai zanen murɗe a ciki, sunan harsashi gaba ɗayansa dole ya dace da abin da ke jikin bututu, harafi da harafi.

Dalili na farko shi ne lambar farko ta sunan ba awo ba ce, laƙabi ce. Akwai `7.62×39` na AK-47, akwai `7.62×51` na G3 da FN FAL, akwai `7.62×54R`, akwai `7.62×25` na ƙaramar bindigar Tokarev. Duk ana ce musu 7.62, amma tsawon kwanso, faɗinsa, da siffar gindinsa sun sha bamban, ƙwayar ma ba faɗi ɗaya ba ce: ta `7.62×51` milimita 7.82 ce, ta `7.62×39` kusan 7.9. Haka abin yake a gidan 9: `9×17`, `9×18` da `9×19` harsasai uku ne na bindigogi uku, kuma ƙwayar `9×18` ta fi sauran biyun kauri.

Dalili na biyu shi ne matsi. A bindigogi irin su `.308 Win` da `.270 Win` ana maganar ba 4,000 da ɗoriya, wato ninki huɗu ko biyar na bindigar dalma, kuma ƙwayar dunƙule ce mai rigar tagulla, ba ƙwayoyin da ke iya matsewa su bi juna ba.

Misalin da ya fi nuna abin shi ne `.308 Win` a cikin bindigar `.270 Win`. Gindinsu faɗi ɗaya ne, kusan milimita 12, don haka makullin bindigar yana kama shi kamar nata. Kwanson `.308 Win` milimita 51 ne, mazaunin `.270 Win` kuma an yanka shi don kwanso mai kusan 64.5, saboda haka akwai isasshen wuri gajeren ya kwanta da ƙwayarsa a rufe. Amma ƙwayar milimita 7.82 ce, bututun kuma an yi shi don 7.04. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, ido da kyar zai gane shi a kan tebur. Idan aka harba, ƙwayar ta zama toshi na ɗan lokaci, matsi ya haura abin da tagullar kwanso ke iya riƙewa, gindin kwanso ya fashe, iskar wuta da ɓarɓashin tagulla su dawo baya ta makulli zuwa fuskar mai harbi, ko su fasa ƙota ta ƙasa. Hukumar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, tana fitar da jerin irin waɗannan haɗe-haɗe masu haɗari, wannan yana ciki. Wani da ya yi ƙaurin suna a shekarun baya-bayan nan shi ne `.300 BLK` a bindigar `.223 Rem` ko `5.56×45`: suna shiga gidan harsashi iri ɗaya, gindinsu ɗaya, amma ƙwayar 7.82 ce a gaban bututun da aka yi don 5.7.

Akwai kuma waɗanda siffarsu kusan ɗaya ce amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. `.38 Special` da `.357 Magnum` ƙwayarsu faɗi ɗaya ce duk da bambancin suna, amma matsin na biyun ya ninka na farkon. Shi ya sa da aka fito da shi a 1935 aka ƙara wa kwansonsa kimanin milimita 3 da gangan, don kada ya shiga tsohuwar libarba. Libarbar `.357 Magnum` tana harba `.38 Special` lafiya, akasin haka kuwa a'a. Haka `5.56×45` da `.223 Rem`: a waje kamar tagwaye, amma wurin da ƙwaya ke fara tafiya kafin ta kama zanen bututu ya fi gajarta a `.223 Rem`, don haka harsashin soja na `5.56×45` a cikinta yana ɗaga matsi. Irin waɗannan 'yan keɓantattun da ake yarda da su ta fuska ɗaya, littafin masana'antar bindigar ne zai faɗa maka, ba kamannin harsashi ba.

Ƙarami a cikin babba ma ba lafiya ba ne. `.22 LR` a mazaunin `.22 WMR` yana harbawa, amma kwanson ya fi mazaunin siranta, sai ya kumbura ya tsage ya watso iska baya. `9×19` a bindigar `.40 S&W` ko dai ya harba kwanso ya kumbura, ko ya zame gaba ya zauna a bututu yana jiran harbi na gaba.

Idan makulli ya yi tauri wajen rufewa, kada ka danna da ƙarfi ko ka buga da tafin hannu. Buɗe, fitar, karanta gindin.

Mataki na shida: karanta kwanson da ya fito

Kwanson farko na kowane sabon kwali, ɗauke shi ka duba kafin harbi na biyu. A bindigar dalma, bakin kwanson da ya dace yana buɗewa ya miƙe da gefe mai tsabta. Idan ya fito a yage, ko a tauna, ko ƙarshensa ya yi siriri kamar an ja shi ta rami, ya fi mazaunin tsawo. Idan jikin robar ya tsage a tsaye ko gindin ƙarfen ya kumbura, ana zargin harsashin ya fi mazaunin siranta, kamar geji 16 a geji 12. Idan sai da ƙarfi ya fito, ko bugun kafaɗa da ƙara sun wuce na kullum, matsi ya yi yawa.

A kwanson tagulla, duba cibiya: idan ta baje ta cika gurbinta, ko ta huje, ko ta fice gaba ɗaya ta bar baƙin hayaƙi a gindi, alama ce ta matsi mai tsanani. Idan kafaɗar kwanson ta matsa gaba ko wuyansa ya ɓace ya zama miƙaƙƙe, an harba gajere a dogon mazauni.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a daina harbi da wannan bindiga, ko da ta yi kama da lafiyayya. Shafa yatsu a bayan bututu daga gindi zuwa baki, yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba, a ciki kuma kumburi yana fitowa kamar baƙin zobe idan aka leƙa zuwa haske. Rufe ta babu harsashi ka girgiza, ka ji ko bututu yana motsi a kan jiki. Ajiye kwanson da sauran harsasan kwalin, ka kai su tare da bindigar wurin mai gyara mai lasisi, domin daga kwanson zai gane abin da ya faru da mazaunin. Bututun da ya kumbura ba a bugunsa ya koma, ba a kuma yi masa walda. Canza shi ake yi.